Katako Uku Da Tsakiyar Bim

Mu da muka yi karatun injiniyan gine-gine kafin kwamfuta ta mamaye ofisoshi, akwai wani zane da har gobe hannunmu bai manta da shi ba. A hagu za ka zana bim ɗin ƙarfe an yanka shi ana kallon bakinsa: leɓe a sama, leɓe a ƙasa, siririn bango a tsaye yana haɗa su. A dama kuma ka zana yadda tsananin yanka yake rabuwa daga sama zuwa ƙasa. Layin yana farawa daga sifiri a saman leɓe, ya ɗan motsa kaɗan, yana shiga bangon sai ya yi tsalle, daga nan ya riƙa kumbura a hankali har tsakiya, sannan ya koma yadda ya zo. Mun zana shi da fensir a takarda mai gida-gida, mun zana shi a allo, mun zana shi a bayan takardar jarrabawa. Da yawa daga cikinmu sun haddace shi kafin su fahimce shi, domin a kallon farko ya saɓa wa hankali.

Dalilin saɓawar kuwa shi ne abin da aka riga aka koya mana a zangon baya. An nuna mana cewa idan bim ya ɗauki kaya ya lanƙwasa, samansa matsewa yake yi, ƙasansa kuma ja yake sha, a tsakani akwai wani layi da ba ya tsawo ba ya gajarta, wanda ba matsi ba ja a kansa. Shi ne layin tsaka-tsaki, kuma yana ratsa cibiyar nauyin bakin bim ɗin. Sai muka ɗauka cewa tsakiyar bim wurin hutu ne, duk wahalar tana gefe. Ana cikin haka aka zo aka ce mana ga wani ƙarfi dabam, ƙarfin yanka, wanda shi a gefen ba ya komai, a daidai wannan layin na hutu yake kai maƙura.

Malaminmu na ƙarfin kayan gini a kwalejin fasaha a Kaduna dattijo ne da ya yi shekaru a aikin hanyar jirgin ƙasa kafin ya koma koyarwa. Ba ya fara darasi da lissafi. Ranar da za mu shiga wannan babin, da katako ya shigo, falankai guda uku masu tsawo ɗaya da kauri ɗaya, ya jera su ɗaya bisa ɗaya a kan bulo biyu. Ya ɗauki alli ya ja layuka a tsaye a gefensu, kowane layi yana ratsa duka ukun, ɗaya a tsakiya, sauran kusa da bulon nan biyu. Sai ya ce da wani abokinmu mai jiki:

“Kai, zo ka hau tsakiya.”

Yana hawa katakon ya lotsa sosai, aji ya kwashe da dariya. Malam bai yi dariya ba, ya ce mu matso mu dubi allin. Layin tsakiya yana nan yadda yake. Amma layukan da ke kusa da bulo sun karye gida uku, sun zama matakala, domin kowane falanki ya zame a kan na ƙarƙashinsa. A bakin katakon ma haka, kowanne ya ɗan leƙo gaban ɗan’uwansa. Daga nan aka sauke su, aka kawo guduma da ƙusa, muka buga su suka zama abu ɗaya, aka goge tsofaffin layukan aka ja sababbi. Mutumin nan ya sake hawa, lotsawar ta ragu ƙwarai, layukan alli kuma suka tsaya a haɗe.

“To samari,” in ji Malam, “katakon bai ƙaru ba, nauyin bai ragu ba. Wane aiki ƙusar take yi?”

Wani ya ce, “Malam, tana hana su zamewa.”

“Idan kuwa katakon guda ne tun daga bishiya, ba ƙusa, wa yake hana shi zamewa?”

Nan aji ya yi tsit. Amsar ita ce naman katakon da kansa. Bim guda ma so yake ya zame falle-falle a tsawonsa, abin da yake hana shi kuwa ƙarfi ne da ke kwance a cikin jikinsa, yana aiki tsakanin kowane falle da na kusa da shi. A lissafi, falankai uku da aka haɗe sosai sun fi waɗanda aka jera kawai taurin lotsawa sau tara. Ƙusa ba ta kai ka can cif, domin ita ma tana ɗan bayarwa, amma ido ya ga bambancin.

Ba a banza Malam ya zaɓi katako ba, domin daga katako aka gano abin tun farko. Injiniyan nan na Rasha, Dmitri Zhuravski, wanda ya rayu daga 1821 zuwa 1891, shi ya tsara gadojin katako na hanyar jirgin ƙasa da ta haɗa Saint Petersburg da Mosko, wadda aka buɗe a 1851. Katako yana da rauni idan aka nemi zame shi a bin tsawon zarensa, don haka manyan bim na katako sukan tsage a kwance, a wajen tsakiyar kaurinsu, ba a sama ko ƙasa ba. Wannan ne ya sa shi zama ya fitar da lissafin da har yau ake kira da sunansa. Malam yana son ba da wannan tarihin, ina jin don shi ma mutumin reluwe ne.

Yadda ya warware mana dalilin shi ne abin da na fi riƙewa, kuma ban taɓa ganin hanyar da ta fi ta sauƙi ba. Bari in bi ta da bim guda mai lambobi. A ce zurfinsa milimita 300 ne. Kowane leɓe faɗinsa 150, kaurinsa 10. Bangon tsakiya kaurinsa 8, tsayinsa tsakanin leɓɓan biyu 280. Adadin da ke nuna taurin bakin bim ɗin wajen lanƙwasa, wanda ake rubutawa da I, ya kama kusan miliyan 77.7 idan aka yi awon da milimita. A ce kuma a wurin da muke dubawa, kusa da ginshiƙi, ƙarfin yanka kilonyutan 100 ne, wato kwatankwacin nauyin tan 10.

Yanzu ka yanko guntun bim ɗin a zuci, mai tsawon milimita 100. Duk inda ƙarfin yanka yake, ƙarfin lanƙwasa ba ya tsayawa wuri ɗaya, ƙaruwa yake yi ko raguwa yayin da kake tafiya a tsawon bim. A wannan guntun, bambancin da ke tsakanin fuskar hagu da ta dama shi ne kilonyutan 100 sau milimita 100. Ma’ana, matsin da ke tura leɓen sama daga dama ya fi wanda ke tura shi daga hagu. Tsakiyar leɓen tana nesa da layin tsaka-tsaki da milimita 145, don haka idan ka yi lissafin lanƙwasa da aka saba, rarar matsin za ta ba ka kusan nyutan 18.7 a kowane murabba’in milimita. Faɗin bakin leɓen murabba’i 1,500 ne. Ka ninka su, ka sami kusan kilonyutan 28. Wannan ƙarfi ne na gaske, yana tura guntun leɓen nan zuwa hagu, yana so ya zare shi daga kan bangon.

Me zai riƙe shi? Sama iska ce, gefe iska ce. Wuri ɗaya kawai leɓen yake manne da wani abu, wato inda ya zauna a kan bango, kuma wannan wurin kaurinsa 8 ne, tsawonsa 100, murabba’i 800 ke nan. Kilonyutan 28 a kan murabba’i 800 ya ba da nyutan 35 a kowane murabba’in milimita. Shi ne tsananin yanka a saman bangon, daf da leɓe. Ga kuma asalin tsallen nan da ke cikin zane: rarar da leɓe mai faɗin 150 ya tara, dole ta bi ta wuya mai kaurin 8.

Sai mu sauko cikin bangon. Duk inda ka sa wuƙarka a kwance, abin da ke samanta yanzu leɓe ne da wani yanki na bango, kuma shi ma yankin bangon yana da tasa rarar matsin, tana turawa wuri ɗaya da ta leɓe. Don haka jimillar ƙaruwa take yi. Amma tana ƙaruwa ne da sanyin jiki, domin matsin lanƙwasa yana raguwa yayin da kake kusantar layin tsaka-tsaki, kowane sabon falle abin da yake kawowa bai kai na samansa ba. A rabin hanya, milimita 70 sama da layin, tsananin ya kai 44.4. A kan layin kansa, rabin bangon duka ya ƙara kusan kilonyutan 10 a kan 28 ɗin leɓe, sun zama 38, aka raba da 800, aka sami 47.6. Duba yadda rabin farko na saukowar ya ƙara fiye da 9, rabi na biyu kuwa 3 da ’yan kai kawai. Wannan ne ya sa layin zanen yake lanƙwashe maimakon ya miƙe.

Da ka tsallaka layin tsaka-tsaki, labari ya juya. Fallayen ƙasa ja suke sha, rararsu tana fuskantar dama, kishiyar ta sama. Kowanne ka haɗa, ragewa yake yi daga abin da aka tara, har ka isa ƙasan leɓen ƙasa jimilla ta koma sifiri. Malam yakan kwatanta shi da uwar adashi: tana bi gida-gida tana karɓa, daga baya ta fara bayarwa. Lokacin da kuɗi suka fi yawa a hannunta shi ne lokacin da ta gama karɓa ba ta fara bayarwa ba. Layin tsaka-tsaki shi ne wannan gaɓar. Kenan dalilin da ya sa lanƙwasa ba ta da ƙarfi a wurin, wato can ne take sauya fuska daga matsi zuwa ja, shi ne dai dalilin da ya sa yanka ya kai maƙura a wurin.

Wani daga bayan aji ya ɗaga hannu a ranar, kuma tambayarsa mai kyau ce. Ya ce duk wannan lissafin na ƙarfin da ke kwance ne a tsawon bim, alhali kayan da aka ɗora ƙasa suke dannawa, yankan da muke nema a tsaye yake. Malam ya ɗauki akwatin ashana ya riƙe a tsakanin yatsunsa. Ya tura samansa hagu, ƙasansa dama, akwatin ya juya. Ya ce idan wannan ɗan guntu ne a cikin bangon bim, kuma mun san ba ya juyawa, to dole akwai wasu ƙarfi biyu a gefensa, ɗaya sama ɗaya ƙasa, masu tsanani daidai da na kwance, suna hana shi. Don haka a kowane ɗigo a cikin bangon, yankan tsaye da na kwance daidai suke. Wanda ya auna ɗaya ya auna ɗayan. Kuma tunda babu abin da ke jan fatar saman bim a kwance, to yankan tsaye ma a wurin sifiri ne.

Sai bayan duk wannan ya rubuta ƙa’idar a allo:

```
τ = V·Q / (I·t)
```

V shi ne ƙarfin yanka, t kaurin wurin da ka yanka, Q kuma faɗin yankin da ke saman yankanka sau nisan cibiyarsa daga layin tsaka-tsaki. A bim ɗinmu Q na leɓe 217,500 ne, a kan layin kuma ya kai 295,900. V da I ba sa canzawa a kan baki guda na bim, don haka Q da t ne suke tsara siffar zanen gaba ɗaya.

Akwai abin da lambobin nan suke faɗa wanda ya fi amfani a ofis. Daga 35 zuwa 47.6 ba tazara ce mai yawa ba. Idan ka tattara tsananin da ke kan bangon duka, za ka ga ya ɗauki kusan kilonyutan 97 daga cikin 100 ɗin, leɓɓan biyu da duk faɗinsu sun raba ragowar ukun. Shi ya sa masu zane ba sa wahalar da kansu da Q a bim irin wannan. Raba ƙarfin yanka kawai suke yi da zurfin bim sau kaurin bango, wanda a nan ya ba da 41.7. Kundin BS 5950 na Birtaniya, wanda ofisoshi da yawa a Najeriya suka daɗe suna aiki da shi, haka ya tsara: ƙarfin yankan da bim zai iya ɗauka shi ne 0.6 na ƙarfin ƙarfen sau wannan faɗin. Ga ƙarfe mai lamba 275, iyakar ta kama 165, bim ɗinmu yana nesa da ita. Ban ga laifin wannan gajeriyar hanya ba, ni ma da ita nake aiki. Damuwata da wanda ya san ta ita kaɗai ce, domin ranar da ya koma kan katako mai kusurwa huɗu za ta yaudare shi. A can babu leɓen da zai ɗaga farkon zanen, daga sifiri yake tashi, kuma tsananin tsakiya ya fi matsakaici da rabi, wato sau 1.5. A sandar da ke da zagayayyen baki kuwa sau 4 bisa 3 ne.

Malam bai bar mu da tunanin cewa kullum a layin tsaka-tsaki maƙurar take ba. Q ne kullum yake kai ƙarshe a wurin, amma tsananin Q ne a raba da t. Idan kauri yana canzawa, maƙurar tana iya ƙaura. Ya ba mu aikin gida da bim mai baki kusurwa uku, ƙasansa faɗi samansa tsini. Layin tsaka-tsakinsa yana sulusin tsayi daga ƙasa, amma yanka ya fi tsanani a rabin tsayi, domin can ya fi siranta. A bangon bim na ƙarfe kaurin ɗaya ne daga sama har ƙasa, shi ya sa maganar take zama daidai. Haka nan ƙa’idar ba ta da tabbas daf da inda bim ya zauna a kan ginshiƙi ko daf da inda aka dire kaya a wuri ɗaya, sai an ɗan matsa kamar tsawon zurfin bim ɗin. A cikin leɓe ma adadin da take bayarwa a tsaye, wanda bai kai 2 ba a misalinmu, ba abin dogaro ba ne sosai, domin a can yankan a kwance yake gudana, daga bakin leɓe zuwa bango.

Wani abu kuma da zanen ba ya nunawa shi ne yadda siririn bango yake faɗuwa. Akwatin ashanar nan idan yanka ya kama shi ta fuska huɗu, ɗaya kusurwar miƙewa take yi, ɗayar tana matsewa. A kan layin tsaka-tsaki, inda babu lanƙwasa, jan da matsin suna kwance ne a karkace, digiri 45. Bangon da ya cika tsayi ga siranta yakan lauje ta wannan karkatar tun ƙarfen bai kai iyakarsa ba, ka ga fenti ya yi tudu da kwari a karkace kusa da ginshiƙi. Na bim ɗinmu tsayinsa sau 35 ne na kaurinsa, babu fargaba, sai ya doshi ninkin haka ake fara binciken laujewa, a sa masa haƙarƙarin ƙarfe a tsaye idan da bukata. Wannan jan na karkace ne kuma yake tsaga bim na kankare kusa da ginshiƙi, shi ya sa ake matse zobban rodi a can.

Shekaru bayan haka, a wani gini da nake dubawa, na tarar mai aikin famfo ya sa an huda bangon bim da wutar walda don bututu ya wuce, ramin bai fi taku ɗaya daga ginshiƙi ba. Da na yi magana ya ce, “Injiniya, ai a tsakiya na huda, an ce nan ne ba ya ɗaukar komai.” Rabin karatu ya ji, kuma rabin da ya ji gaskiya ne. Idan lanƙwasa ake tsoro, tsakiyar zurfi ta fi ko’ina dacewa da rami. Amma a bim da ke zaune a kan ginshiƙi biyu da kaya shimfiɗe a kansa, ƙarfin yanka a bakin ginshiƙi yake cika, ya riƙa raguwa har ya ƙare a tsakiyar tsawo. Shi ya cire nama a inda yanka ya fi yawa ta tsawo, kuma ya fi yawa ta zurfi. A ƙa’idar Birtaniya ta katakon daɓe, an yarda a huda a kan layin tsaka-tsaki, amma tsakanin 0.25 da 0.4 na tsawon daga inda katakon ya zauna, ramin kuma kada ya wuce rubu’in zurfi. Dole muka tokare bim ɗin, aka yi wa ramin faci da faranti, aka karkatar da bututun.

Ɗaliban da suke zuwa mana koyon aiki yanzu sun fi mu saurin lissafi nesa ba kusa ba, kwamfuta tana zana musu bangon bim da launuka, ja a tsakiya, shuɗi a gefe. Idan na tambaye su me ya sa jan yake tsakiya, mafi yawansu ƙa’idar suke karanto mini daidai, amma ba sa iya nuna abin da yake tura leɓe da abin da yake riƙe shi. Malaman da ke koyar da wannan darasi a kwalejojinmu da jami’o’inmu, don Allah ku nemi falankai uku da alli da rabin kilo na ƙusa, ku sa ɗalibai su ga layin ya karye da idonsu kafin ku rubuta musu V da Q a allo.